Shiga Tara, Tashi Biyar: Yadda Na Sanar da Ma'aikata Canjin Lokacin Aiki

Ranar wata Talata a ƙarshen Janairu shugaban ofishinmu ya kira ni. Ni ce mai kula da harkokin ma'aikata, don haka duk takardar da za ta shafi kowa da kowa daga teburina take fita. Ko zama ban gama yi ba ya ce, "Malama, daga watan Maris za mu koma shiga ƙarfe tara, tashi biyar. Ki rubuta sanarwa ki fitar." Shekara da shekaru muna shiga takwas mu tashi huɗu. A wurinsa maganar ta ƙare, tunda an zauna an yanke. A wurina kuwa lokacin ta fara, domin na san mutum 46 ne za su karanta takardar nan, kuma kowannensu ya riga ya ɗaure rayuwarsa a jikin ƙarfe huɗu: mai ɗauko yara daga makaranta, mai zuwa karatun yamma, mai jinyar tsohuwa a gida.

Na ce, "Yallaɓai, kafin in rubuta ina da tambaya uku. Albashi zai taɓu? Yawan awannin mako zai ƙaru? Akwai wanda aikinsa zai tafi a dalilin wannan?" Ya dube ni da mamaki, ya ce ko ɗaya babu, me ya kawo wannan maganar? Na ce masa ai su ne tambayoyin da kowa zai yi a zuciyarsa tun kafin ya kai ƙarshen layin farko, kuma ba zan iya rubuta "babu" ba sai na ji daga bakinsa. Sannan na nemi dalilin canjin, dalilin da zan iya faɗa wa mutum ido da ido. Ya tura ni wurin littafin baƙi na ƙofa. Na zauna da littafin na duba wata uku baya. Tsakanin takwas da tara na safe, masu zuwa neman aiki a wurinmu ba sa wuce mutum biyu ko uku a yini. Bayan ƙarfe huɗu kuwa masu gadi kan mayar da mutum goma, wata rana fiye, saboda sun tarar an rufe. Da na ga haka hankalina ya kwanta, don dalili ne da kowane ma'aikaci ya taɓa gani da idonsa yana fita gida.

Washegari Laraba ban taɓa rubutun sanarwa ba. Fayil-fayil na ciro, na bi takardun ɗaukar aiki ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu cewa suka yi ma'aikaci zai yi awa 40 a mako bisa lokutan da ofis ya tsara. Amma guda tara, na waɗanda suka fi daɗewa, an rubuta ƙarara cewa aiki daga 8:00 ne zuwa 4:00. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Na farkon sanarwa ta ishe su. Mutum taran nan kuwa lokacin yana cikin yarjejeniyar da suka sa wa hannu, kuma lauyan ofis ya ce a nemi amincewarsu a rubuce, kada a ɗauka takardar allo ta shafe ta fayil. Dokar ƙwadago ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, shi ya sa tambayar lauya ta zo kafin alƙalami. Amma tushen abin tsoho ne. Tun a 1919 yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta tsayar da awa takwas a yini da 48 a mako a masana'antu, ta ce a liƙa lokacin fara aiki da na tashi a inda kowa zai gani, kuma kada a canja shi sai da sanarwa. A 1930 aka yi makamanciyarta domin ofisoshi da wuraren kasuwanci.

A ranar kuma na zauna na lissafa duk abin da ke rataye a jikin agogon ofis. Hutun rana na ƙarfe ɗaya zuwa biyu, shin yana nan ko zai matsa? Kuɗin ƙarin lokaci da ake fara lissafawa daga huɗu, yanzu daga nawa? Motar ma'aikata da ke tashi huɗu da kwata fa? Masu shara suna shigowa awa ɗaya kafin kowa, ƙarfe bakwai, su tashi uku; su ma za su matsa? Masu gadi aikin karɓa-karɓa suke yi, nasu ba zai canja ba, amma lokacin buɗe wa baƙi ƙofa zai canja. Kowace tambaya na kai ta wurin mai ikon amsa ta, na rubuta amsar. Ban yarda in fitar da takardar da za a tambaye ni abu a kanta in ce "sai na bincika" ba, aƙalla a kan abubuwan da ake iya hangowa.

Rubutun farko da na yi, da harshen da aka saba rubuta takardun ofis na yi shi. A sama na sa "Muhimmiyar Sanarwa Ga Dukkan Ma'aikata". Sai na fara da cewa sakamakon halin da ake ciki, da kuma ƙoƙarin hukumar gudanarwa na sake fasalin ayyuka domin inganta su, an yanke shawarar yin wasu sauye-sauye. Sabon lokacin bai fito ba sai a sakin layi na uku. A ƙarshe na rufe da cewa ana roƙon kowa ya kwantar da hankalinsa.

Akwai wata yarinya mai buga mana takardu, ba ta daɗe da fara aiki ba, kuma na san ba ta da surutu. Na kira ta na rufe ƙofa, na ce abin da za ta gani amana ne. Na miƙa mata takardar na ce ta karanta sau ɗaya kawai ta kife ta. Ina kallon fuskarta tana karantawa. A layi na biyu girarta ta haɗe. Da ta kife na ce, "To faɗa min, ranar da abin zai fara, ƙarfe nawa za ki zo?" Ta yi shiru, sannan ta ce a hankali, "Anti, su wa za a sallama?"

Babu kalmar sallama ko ɗaya a takardar. Amma da na sake karantawa da idonta, sai na ga inda ta samo ta. "Halin da ake ciki" a kunnen ma'aikaci yana nufin kuɗi sun yi ƙasa. "Sake fasali" kuwa duk wanda ya taɓa aiki a ko'ina ya san da ita ake buɗe maganar rage ma'aikata. Kalmar "muhimmiya" a sama ba tare da an faɗi mene ne ba ta sa gabanta ya faɗi tun kafin ta fara. Mafi muni shi ne layin ƙarshe. Ba a ce wa mutum ya kwantar da hankalinsa sai in akwai abin tayar da shi. Wanda bai tsorata ba ma, da ya ga wannan layin zai koma sama yana neman abin da ya kamata ya ji tsoro. Kafin yarinyar nan ta iso wurin da aka rubuta tara da biyar, zuciyarta ta riga ta tafi wani wuri, shi ya sa lambobin ba su zauna mata ba.

Na yaga takardar na sake lale. Wannan karon na sa wa kaina sharaɗi: wanda ya karanta taken kaɗai, a tsaye, yana sauri, ya san abin da ya canja da ranar da zai fara. Wanda ya ƙara layi biyu ya san abin da bai canja ba. Dalili ya biyo baya, a gajarce, kuma ya zama na gaskiya. Na cire duk wata kalmar ado. Na daina cewa "nan gaba kaɗan" ko "farkon wata mai zuwa", na sa sunan rana da kwanan wata tare, domin in mutum ya manta ɗaya ɗayan zai tuna masa. Na kuma sa ranar ƙarshe ta tsohon lokaci, saboda na san akwai wanda zai tambaya ko Juma'ar da ke gabanta ma da tara za a zo. Ga abin da ya fito:

"Sabon lokacin aiki daga Litinin 3 ga Maris: 9:00 na safe zuwa 5:00 na yamma

Daga ranar Litinin 3 ga Maris, za a riƙa shiga aiki da ƙarfe 9:00 na safe a tashi 5:00 na yamma, Litinin zuwa Juma'a, maimakon 8:00 zuwa 4:00. Ranar Juma'a 28 ga Fabrairu ce ta ƙarshe a tsohon lokaci.

Albashi, alawus da ranakun hutu suna nan yadda suke. Awannin aiki suna nan 40 a mako. Wannan canji bai shafi matsayin kowa ko aikin kowa ba.

Dalili: littafin baƙi ya nuna mutane kaɗan ne ke zuwa kafin ƙarfe tara, alhali da yawa suna tarar da mu a rufe bayan ƙarfe huɗu.

Hutun rana yana nan 1:00 zuwa 2:00. Lissafin ƙarin lokaci zai fara daga 5:00. Motar ma'aikata za ta riƙa tashi 5:15, da safe kuma za ta bi tashoshinta awa ɗaya bayan lokacin da ta saba. Masu shara za su koma 8:00 zuwa 4:00. Jadawalin masu gadi bai canja ba.

Duk wanda sabon lokacin zai takura wa saboda makarantar yara, karatu, jinya ko wani uzuri, ya same ni ko shugaban sashensa kafin Juma'a 14 ga Fabrairu domin a duba. Ranar Litinin 2 ga Yuni za a zauna a duba yadda tsarin ya tafi."

Na sake kiran yarinyar, na yi mata irin gwajin farko. Ta kife takardar ta ce, "Tara zan zo, in tashi biyar, daga uku ga Maris, kuma albashina yana nan." Abin da nake nema ke nan.

Mun ɗan ja da shugaba a kan layin da ya ce canjin bai shafi aikin kowa ba. Shi a ganinsa ambaton abin ma tsokano shi ne, kamar mai tuna wa mutane abin da ba su yi tunani ba. Na ba shi labarin tambayar yarinyar nan. Na ce, "Yallaɓai, sun riga sun yi tunanin. In ba mu amsa ba, wani zai amsa musu a bakin famfo." Akwai bambanci tsakanin ka ce wa mutum kada ya damu da ka faɗa masa cewa albashinsa bai canja ba. Na farko lallashi ne, na biyu labari ne da zai iya riƙe ka da shi. Amma fa sai in gaskiya ne. Da a ce akwai shirin rage ma'aikata a ɓoye, da ba zan rubuta layin ba ko an matsa min, don ranar da ta fito fili babu wanda zai ƙara yarda da takardar da ta fito daga teburina. Ya yi shiru, ya sa hannu.

Kuskuren da na yi a tsarin lokaci ne, kuma nawa ne ni kaɗai. Na tsara cewa ranar Alhamis zan zauna da shugabannin sassa biyar in sanar da su, sannan takarda ta fita ga kowa ranar Talata mai zuwa. Sanar da su da wuri daidai ne, don bai kamata ma'aikaci ya tambayi shugabansa abu ya tarar shi ma yanzu yake ji ba. Tazarar ce ta yi yawa. Kwana biyar na bari tsakanin mutum biyar da mutum 46, har da ƙarshen mako a ciki. Na roƙe su su riƙe maganar, kuma ban zargi kowa da mugun nufi ba. Wataƙila wani ya faɗa wa mataimakinsa ne don ya fara shiri. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ni na tsaga shi.

Ranar Juma'a da safe, ina buɗe ofishina, dattijon da ya fi kowa daɗewa cikin masu shara ya tsaya a bakin ƙofa da tsintsiyarsa a hannu. Bayan mun gaisa bai tafi ba. Ya jingina tsintsiyar a bango, abin da ban taɓa ganin ya yi ba a tsakiyar aiki, ya ce, "'Yata, wai da gaske ne an ƙara mana awa ɗaya ba ƙarin ko kwabo?" Na ce, "Baba, wa ya faɗa maka?" Ya ce ai tun jiya da yamma a mota ake ta maganar, wai daga yanzu sai biyar za a riƙa tashi.

A nan na fahimci yadda irin wannan labari ke tafiya. Rabi yake tafiya, kuma rabin da ya fi ciwo. "Tashi biyar" ya zaga ofis cikin dare ɗaya, "shiga tara" kuwa ya tsaya a ɗakin taro inda na faɗe shi. Wanda ya ji biyar kawai, ya haɗa da takwas ɗin da ya sani, ya sami awa tara a yini, 45 a mako, a kan albashin 40. Lissafinsa daidai ne, abin da aka ba shi ne bai cika ba. Na zaunar da Baba na karanta masa takardar tun daga sama. Da na zo kan masu shara, takwas zuwa huɗu, ya ƙirga da yatsunsa, ya ce, "Ashe dai takwas ɗin ce." Ya ɗauki tsintsiyarsa.

Tun farko na ƙudura ba zan fitar da sanarwa ranar Juma'a ba, saboda mutum zai tafi gida da tambaya ya kwana biyu babu mai amsa masa. Har yanzu ina ganin Talata ko Laraba da safe sun fi. Amma a ranar zaɓin da ke gabana ba tsakanin Juma'a da Talata ba ne. Ko dai su tafi hutun mako da cikakken labari, ko su tafi da rabinsa. Na shiga wurin shugaba na faɗa masa halin da ake ciki, na ce a yau za mu fitar, kuma da hantsi, don a sami sauran yini na tambayoyi. Abin da ya cece ni shi ne takardar ta riga ta kammala, an sa mata hannu.

Da ƙarfe goma na tara mutum taran nan masu tsohuwar takardar ɗaukar aiki, na minti goma. Na faɗa musu abin da zai fito, na kuma ce nasu daban ne, ba za a canja musu ba sai da sa hannunsu, kuma zan zauna da kowannensu a mako mai zuwa. Da ƙarfe goma sha ɗaya daidai sanarwar ta fita ta hanya uku a lokaci guda: imel, allon sanarwa na bakin ƙofa, da rukunin ma'aikata na WhatsApp. Rubutu iri ɗaya ne, ko waƙafi ban canja ba, don da zarar na taƙaita wa wani wuri, za a sami mai cewa na waya ya saɓa da na allo. Mutum goma sha ɗaya cikinmu, direbobi da masu shara da masu gadi, ba su da imel na ofis, wasunsu kuma karatu na yi musu wuya. Su na same su da kaina na karanta musu da baki. Mutum uku suna hutu, ɗaya tana hutun haihuwa. Na buga musu waya ɗaya bayan ɗaya kafin su gani a rukuni su rasa wanda za su tambaya. Masu gadin dare kuma na bar wa shugabansu kwafi, washegari na kira na tabbatar ya karanta musu.

Da sha biyu muka yi taro a tsaye, na kwata ɗaya. Ko gayyatar taron sai da na kula da ita. Ban rubuta "akwai taron gaggawa, dole kowa ya halarta" ba, na rubuta cewa za a yi taron minti goma sha biyar a kan sabon lokacin aiki da aka sanar, domin amsa tambayoyi. Na roƙi shugaba shi ya yi magana, don waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma maganar albashi daga bakinsa ta fi nauyi. Ya faɗi abin da ke takarda, bai ƙara ba bai rage ba. Ya kuma faɗi wani abu da na ji daɗinsa: cewa shawarar an riga an yanke ta, ba ra'ayi ake nema a kan ko za a yi ba, abin da ake nema shi ne a ji wanda za ta takura wa. Na taɓa ganin inda aka ce wa mutane "muna son jin ra'ayinku" alhali an gama komai, kuma ɓacin ran da ya biyo baya ya fi na canjin kansa.

Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci. Sai wata ma'aikaciyar sashen kuɗi ta ɗaga hannu ta ce, "Yallaɓai, makarantar yarana huɗu da rabi suke rufe ƙofa. Yaya zan yi?" Ba tsoro a muryarta, lissafi take yi. Daga irin tambayoyin da ake yi nake gane ko sanarwa ta yi aiki. In ana tambayar "me ke faruwa ne?" ko "akwai wani abu a baya?", to takardar ta bar rami. In kuwa ana tambayar mota, makaranta da hutun rana, mutane sun karɓi labarin sun fara gyara rayuwarsu a kansa. A taron nan tambaya bakwai aka yi, shida irin ta biyun ne. Ɗayar, wani matashi ne ya ce ko wannan share fage ne na fara aikin Asabar. Shugaba ya ce a'a, babu wannan maganar. Na rubuta tambayar duk da haka, don in mutum ɗaya ya furta, akwai biyar da suka yi shiru da ita.

Shugaba ya so ya ce wa mai yaran nan kada ta damu za a daidaita mata. Na riga na roƙe shi kada ya yi wa kowa alkawari a tsaye a gaban jama'a, don abin da aka yi wa ɗaya a bainar mutane ya zama haƙƙin kowa, kuma ba mu san yawan masu uzuri ba tukuna. Sai ya ce, "Hajiya, ki sami Malama yau ɗin nan, za a duba, kuma za ki ji amsa kafin 21 ga Fabrairu." Ranar amsa ita ce abin da ya kwantar mata da hankali, ba daɗin baki ba.

Daga ranar na ajiye takarda a teburina, duk tambayar da aka kawo in rubuta ta da amsar da na bayar. Ranar Laraba na tattara waɗanda aka maimaita, na fitar da su da amsoshinsu ga kowa ta hanyoyin nan uku, ba tare da sunan mai tambaya ba. Maganar Asabar tana ciki, da amsarta a layi ɗaya. Na yi haka ne don kada amsa ta zama abin da ake samu a ɓoye, wanda ya shigo ofishina ya sani, wanda ya ji nauyin shigowa ya zauna da zato.

Kafin 14 ga Fabrairu mutum shida suka kawo uzuri. Biyu sun warware nasu da kansu da suka ga suna da wata guda na shiri, wanda shi ne amfanin ba da isasshen lokaci. Makaranta, mai reno da abokin hawa mota duk ba a canja su cikin kwana uku. Huɗu aka bar su a kan takwas zuwa huɗu har ƙarshen zangon karatu: iyaye uku da wani mai karatun yamma da ajinsa ke farawa ƙarfe biyar. Kowannensu na ba shi takarda mai ɗauke da ranar da rangwamen zai ƙare, na kuma sanar da shugaban sashensa, don kada a ga mutum ya ɗauki jaka ƙarfe huɗu a fara ƙananan maganganu. Cikin mutum tara masu tsohuwar yarjejeniya, takwas sun sa hannu a makon farko. Na taran yana cikin iyayen nan uku, ya ce zai sa in zango ya ƙare, kuma ban matsa masa ba, don haƙƙinsa ne.

Na fitar da tunatarwa sau biyu, layi biyu kacal: ɗaya mako guda kafin ranar, ɗaya ranar Juma'a 28 ga Fabrairu da rana. Na canja allon ƙofa da ke nuna wa baƙi lokacin buɗewa, da saƙon da wayar ofis ke karantawa in an kira bayan tashi.

Ranar Litinin 3 ga Maris na zo takwas saura, don in ga ko akwai wanda saƙon bai kai gare shi ba. Ban da masu shara da mutum huɗun nan, mutum ɗaya ne ya zo da takwas, ya ce ya sani sarai, jikinsa ne ya saba. Kafin tara da minti goma kowa ya zauna. Da misalin sha ɗaya sai ga ma'aikaciyar sashen kuɗi da takarda a hannu, fuskarta ba walwala. Na'urar danna yatsa ta bakin ƙofa ta fitar da rahoton safe, kuma ta rubuta kusan ofis gaba ɗaya a matsayin waɗanda suka makara, domin har yanzu 8:15 ce iyakarta. A wurinmu makara uku a wata tana jawo takardar gargaɗi, kuma mutum biyu sun riga sun ga sunayensu da ja a fuskar na'urar. Duk lissafin da na yi ranar Laraba, na'urar nan ba ta faɗo min a rai ba.

Ban jira a gyara ba. Nan take na aika saƙo ta hanyoyin nan uku cewa na'urar ƙofa tana kan tsohon lokaci, makarar da ta rubuta yau ba a kan kowa take ba, an soke ta, kuma za a saita ta kafin a tashi. Sannan na kira mai kula da na'urorinmu ya mayar da iyakar 9:15, ya ware mutum huɗun da ke kan takwas da masu shara a rukuninsu daban. Da ƙarfe huɗu da minti ashirin na leƙa ta taga, na ga mai gadi yana buɗe wa wata mata ƙofa, tana riƙe da fayil, ya nuna mata hanyar teburin karɓar baƙi.